Ƙurar hanyar Waza da fitilar inji

Jiya da na taso daga Kousseri zuwa Maroua, na wuce Waza kaɗan fitilar inji ta kama. Mota ta yi nauyi, in na taka totur sai ta yi jinkiri kafin ta ɗauka.

Bakanike ya jona na'ura, ta nuna P0101, wato lissafin iskar da ke shiga inji bai daidaita ba. Da ya buɗe akwatin matatar iska, sai ga robar gefenta ta tsage, ƙura tana bi ta nan har kan sensar MAF da ke bayanta. Siririyar waya ce mai zafi, iska na sanyaya ta, da haka kwamfutar mota ke sanin yawan man da za ta saki. In ƙura ta lulluɓe wayar, sai ta auna iska ƙasa da gaskiya, mai ya yi wa inji kaɗan.

Ya ce min: "Alhaji, kar a taɓa wayar nan da tsumma ko fetur." Maganin fesawa na MAF ya sa, ya bari ta bushe sarai kafin ya mayar.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda muke hura tsohuwar matata da iskar kwamfaresa, alhali hakan yana huda takardar. Sabuwa na saya.