Yadda na yi fama da layi-layin sama a bidiyon magariba

'Yan uwa masu koyon gyaran bidiyo, sallama. Wannan makon gaba ɗaya a kan daƙiƙa ashirin na ƙare shi. Bidiyo ne da ƙanena ya ɗauka da waya daga saman soro dab da magariba, lokacin hazo, rana ta yi ja tana shirin faɗuwa, sama kuma ta sulale daga ruwan goro a ƙasa zuwa toka-toka a can bisa. Ya turo min ta manhajar aika saƙo, sannan ya goge na asalin don wayarsa ta cika. Da na buɗe a kwamfuta sai na ga saman ta zama hawa-hawa kamar matakalar bene, kowane launi da iyakarsa, maimakon gangara mai santsi. Masu sana'ar suna kiran abin bandin, ni dai layi-layi nake ce masa.

Daren Litinin ban gyara komai ba, bincike kawai na yi. Na fara tambayar fayil ɗin ko mene ne shi:

```
ffprobe -v error -select_streams v:0 -show_entries stream=codec_name,pix_fmt,bit_rate magariba.mp4
```

Ya nuna `h264` da `yuv420p`, wato bit 8 ne. Bit 8 yana ba da matakai 256 daga baƙi zuwa fari, kuma bidiyo ma ba ya amfani da su duka: haske yana tsakanin 16 da 235 ne, matakai 220 ke nan. To ku duba lissafin nawa. Saman da ke cikin hoton ta kai tsayin fiksel 600, haskenta kuwa daga wajen 145 ya tashi zuwa 175. Matakai talatin za su raba fiksel ɗari shida, kowane mataki ya samu ashirin. Ko da babu matsin da ake yi wa fayil don rage nauyinsa ko kaɗan, akwai layuka masu faɗin fiksel ashirin a kwance a wurin. Abin da ke ɓoye su a bidiyon da ya fito kai tsaye daga kyamara shi ne ɗan tsaki-tsakin da idon kyamarar ke haifarwa, wanda ke cakuɗa bakin kowane layi da na kusa da shi. Matsi kuwa wannan tsakin yake fara cinyewa, domin a ganinsa shara ce mai cin wuri. Da ya share shi sai matakalar ta fito fili.

Kafin ku zargi fayil, ku tuna allon ma yana iya yin ƙarya. Da yawa daga cikin ƙananan kwamfutocin hannu masu araha allonsu bit 6 ne, dabara yake yi ya kwaikwayi 8, don haka yana iya nuna layin da babu shi a fayil. Abin da na yi shi ne na ciro hoto ɗaya na buɗa haskensa ninki shida:

```
ffmpeg -ss 5 -i magariba.mp4 -frames:v 1 -vf "lutyuv=y='clip((val-140)*6,0,255)':u=128:v=128" gwaji.png
```

Wannan yana cire launi, ya ɗauki hasken da ke tsakanin wajen 143 da 179 ya shimfiɗa shi daga baƙi zuwa fari. Ku canza 140 ɗin gwargwadon hasken samanku. Abin da ya fito ya koya min fiye da duk karatun da na yi. Da ƙarancin bit ne kaɗai, da layukan sun zo da faɗi kusan ɗaya, bakinsu a lanƙwashe sumul yana bin hasken rana. Nawa ba haka suke ba. Wani siriri, wani ya kai fiksel hamsin, kuma bakinsu haƙora-haƙora ne, murabba'i a kan murabba'i. Wannan hannun matsi ne, domin H.264 yana yanka hoto gida-gida, fiksel 16 a tsaye 16 a kwance, idan kuma wuri ya yi masa kaɗan sai ya bai wa gida guda kusan launi ɗaya. Tun daga ranar, duk gyaran da na yi sai na sake wuce shi ta wannan gwajin, ban ƙara yarda da idona tsirara ba.

Talata na yi kuskuren da nake jin kowa sai ya yi. Na ce ai abu ne mai sauƙi, a dusashe saman kawai. Na sa `gblur` mai ƙarfi, haƙoran suka tafi, amma layukan na nan daram, sai ma suka ƙara tsabta kamar an ja su da rula. Na daɗe ina kallon allo kafin dalilin ya faɗo min. Dusashewa matsakaici take nema. Matsakaicin 160 da 161 shi ne 160 da rabi, kuma a bit 8 babu gidan da za a ajiye rabi, dole a mayar da shi 160 ko 161. Ka zagaya ka dawo inda ka taso. Ga shi kuma wayoyin lantarki da hasumiyar masallacin unguwa duk sun narke a banza.

Ke nan sai an faɗaɗa ma'aunin kafin a taɓa komai. A bit 10, kowane mataki na bit 8 ya rabu huɗu. A bit 16 ya rabu 256. Mayar da fayil zuwa bit 16 shi kaɗai ba ya gyara komai, kada wani ya ruɗe ku: layukan suna nan yadda suke, wuri kawai aka buɗe wanda za a zuba sababbin matakan tsakiya a ciki.

Laraba na koma kan `deband`, matatar goge layi ta FFmpeg, kuma a nan na fi daɗewa. Yadda yake aiki ba wuya. Ga kowane fiksel, yana zaɓo wasu huɗu a kewayensa, a nisan da ya faɗo masa cikin iyakar da ka ba shi, ya ɗauki matsakaicinsu. Idan bambancin fiksel ɗin da wannan matsakaicin bai kai wani ƙa'idajjen adadi ba, sai ya ce wannan layi ne, ya maye gurbinsa da matsakaicin. Idan ya wuce, sai ya ce wannan abu ne na gaske a hoton, ya ƙyale shi. Maɓallai biyu ne ke nan a hannunka. `range` shi ne nisan, asalinsa 16. `1thr` shi ne ƙa'idar haske, `2thr` da `3thr` na launi, asalin kowanne 0.02, wanda ya yi daidai da matakai biyar cikin 255.

Da na bar su yadda suka zo, siraran layukan suka ɓace, manyan suka rage. Dalili a fili yake: fiksel ɗin da ke tsakiyar layi mai faɗin hamsin, ko ya miƙa hannu fiksel 16 sama da ƙasa, 'yan gidansu kawai zai taɓo. Na ɗaga `range` zuwa 32, sai suka fara narkewa. Daga nan zalama ta kama ni, na ɗaga ƙa'idar zuwa 0.04 ina neman sama kamar madubi. Na samu, amma akwai wasu bishiyoyi can nesa cikin hazo, waɗanda da ƙyar suka fi sama duhu, sai na neme su na rasa rabinsu. Wata shirwa da ke shawagi ita ma ta riƙa ɓacewa tana dawowa. Hazo mugun wurin gwaji ne saboda wannan, domin abin da kake son ka tsare da abin da kake son ka goge tazararsu kaɗan ce. Na sauko zuwa 0.012, wajen matakai uku, bishiyoyin suka dawo. Shawarata ita ce ku ƙara nisa tukuna, ƙa'ida kuwa ku riƙe ta ƙasa iya yadda za ta yi aiki.

Saura komawa bit 8, tunda shi mafi yawan wayoyin da za a kalli bidiyon a kansu suka fi sani. Idan aka sauko kai tsaye, duk rabi da kwatan da aka samu za su zube. Maganin shi ne barbaɗi: inda ake son 160 da rabi, sai a warwatsa fiksel rabi 160 rabi 161, ido ya haɗa su da kansa daga nesa. A bisa wannan na ƙara ɗan tsaki a haske kaɗai, ban taɓa launi ba, don tsakin launi yana sa sama ta yi ɗigo-ɗigon kore da ja. Ga abin da na tsaya a kai:

```
ffmpeg -i magariba.mp4 -vf "format=yuv420p16le,deband=1thr=0.012:2thr=0.012:3thr=0.012:range=32,zscale=dither=error_diffusion,format=yuv420p,noise=c0s=4:c0f=t" -c:v libx264 -preset slow -crf 17 -tune grain -x264-params aq-mode=3 -c:a copy gyararre.mp4
```

Jerin yana da muhimmanci: a hau 16, a goge layi, a sauko da barbaɗi, sannan tsaki. Wanda FFmpeg ɗinsa bai zo da `zscale` ba zai ga an ce babu wannan matatar, sai ya nemi wanda aka haɗa da ita.

Rabin ƙarshe na umarnin kuwa da hawaye na koye shi. Karon farko ban sa komai ba, na bar x264, mai matse bidiyon, a kan `crf` ɗinsa na asali, 23, wato ma'aunin ƙarfin matsi. Na wuce sakamakon ta gwajin ninki shida, sai ga layukan sun dawo, ba su kai na da ba, amma suna nan. Matsin da ya cinye tsakin farko shi ne ya sake cinye nawa. Bayanin FFmpeg a kan wata matatar goge layi, `gradfun`, ya faɗi wannan ƙarara, cewa don kallo aka yi ta, matsi yakan zubar da barbaɗin ya dawo da layukan. Shi ya sa na sauke `crf` zuwa 17, na sa `-tune grain` don ya daina ɗaukar tsaki a matsayin shara, da `aq-mode=3` wanda ke ƙara wa wurare masu duhu da santsi kaso. Fayil ɗin ya yi nauyi sosai fiye da wanda aka turo min, babu yadda na iya.

Akwai wani zaɓi da har yanzu nake jujjuyawa. Harafin `t` a `c0f=t` yana sa tsakin ya canza a kowane hoto, kamar na fim, ya fi kyau a ido amma ya fi cin wuri. Idan aka cire shi, tsakin zai tsaya cak, matsi ya fi iya riƙe shi da arha, sai dai da kyamara ta motsa za ka ga kamar ta gilashi mai ƙura kake leƙe. Ƙanena hannunsa ba ya tsayawa wuri ɗaya, don haka na bar `t`. Da a kan ƙafar kyamara aka ɗauka, da tsayayyen zan gwada.

Jiya Juma'a na tura masa gyararren ta hanyar da ya turo min, manhajar ta sake matse shi, kuma a wayarsa layuka biyu ko uku sun leƙo a saman kusurwar dama inda ya fi duhu. Na sake turawa a matsayin fayil, ba a matsayin bidiyo ba, ya isa yadda na fitar da shi. Na ajiye wani kwafin a `yuv420p10le`, wato bit 10, don kaina. Gobe zan gwada `c0s=6` in sake bi ta hanyar matsin, in ga ko tsaki mai ɗan kauri zai tsira a wannan kusurwar.