Abin da na koya wajen karanta zanen shimfiɗun ƙasa

Zanen shimfiɗun ƙasa hoto ne na bangon rami da aka haƙa a tsaye, inda ake nuna ƙasa hawa-hawa daga sama har zuwa dutsen da ke ƙarƙashi, kowace shimfiɗa da harafinta. Wannan tsari na sanya haruffa ya samo asali ne daga aikin masanin ƙasa na Rasha, Vasily Dokuchaev, a ƙarshen ƙarni na 19. Haddace haruffan ba shi da wahala. O ita ce ganyaye da ragowar tsirrai masu ruɓewa a sama, A ita ce ƙasar sama mai duhu, E ita ce wadda ruwa ya wanke har ta yi fari, B ita ce inda abin da aka wanko daga sama yake taruwa, C dutse ne da ya fara rugurgujewa, R kuma dutse ne tsantsa. Darasin da ya fi zama a raina kuwa shi ne cewa manomi ba haruffa yake nema a zanen ba, tambaya ɗaya yake nema a amsa masa: a wane zurfi ne saiwa da ruwa za su tsaya?

Saboda haka na saba fara duba ma'aunin zurfi da ke gefen zane kafin in kalli launi ko suna. Zane biyu na iya ɗaukar haruffa iri ɗaya, amma a ɗaya A ta kai santimita 30, a ɗayan kuma santimita 8 kacal, kuma waɗannan gonaki ba su da kusanci ko kaɗan wajen amfani. Bayan zurfi sai ƙananan haruffan da ke biye da manya, domin a cikinsu bayanin yake. Ap na nufin ƙasar saman da garma ta juya, Bt na nufin yumɓu ya sauko ya taru a wurin, Bk na nufin farar ƙasa ta taru, harafin g kuma, kamar a Bg, shaida ce cewa ruwa yana kwanciya a wurin na tsawon lokaci.

Bari in bi misali ɗaya daki-daki, irin wanda ake bai wa ɗalibi ya fassara. A ce zanen ya nuna Ap daga sama zuwa santimita 20, mai duhu kuma yashi ya fi yawa a cikinta. E daga 20 zuwa 35, fara kuma mai yashi. Bt daga 35 zuwa 90, mai yumɓu. Sai C daga 90 zuwa ƙasa. Babu O a wannan zane, kuma hakan ba kuskure ba ne, domin a gonar da ake nomawa garma takan haɗe ta da A.

Duhun Ap daga ruɓaɓɓun tsirrai yake zuwa, kuma a nan ne mafi yawan abincin shuka da ƙananan saiwoyi suke. Santimita 20 ɗin nan ita ce jarin gonar. Ita kuwa E shimfiɗa ce matalauciya, domin ruwan da ke sauka ya kwashe yumɓunta da ƙarfen da ke ba ta launi. Wanda ya ga wannan a zane zai fahimci dalilin da zurfafa huɗa ba tare da nazari ba ke iya rage amfanin gona: garmar da ta shiga santimita 30 tana ɗauko farin yashi ta gauraya shi da ƙasa mai kyau, sai albarkar saman ta tsinke.

Inda nake daɗewa ina kallo shi ne layin da ya raba E da Bt. Idan an nuna sauyin a hankali yake faruwa, ruwa da saiwa sukan wuce ba tare da wata tangarɗa ba. Idan kuwa layin kaifi ne, wato an tashi daga yashi zuwa yumɓu cikin tazarar da ba ta kai santimita 2 ba, to ruwa zai sauko da sauri ta cikin yashin ya tarar da yumɓun da ba ya shansa da wuri, sai ya kwanta a kansa. Launin Bt ne ke faɗin ko hakan yana faruwa. Ja ko ruwan ƙasa mai haske, bai ɗaya, alama ce cewa iska tana shiga kuma ƙarfen da ke cikin ƙasar ya yi tsatsa. Launin toka mai dabbare-dabbaren ja ko rawaya kuwa yana nuna cewa wurin yakan jiƙe ya rasa iska na wani lokaci a shekara, sannan ya bushe. Amfanin wannan alama shi ne tana nan ko da rani aka haƙa ramin, lokacin da babu ɗigon ruwa a ciki.

Lissafi kaɗan yana nuna nauyin wannan bambanci. Mu ƙaddara cewa ƙasa mai yashi ta sama tana riƙe wa shuka ruwa kimanin milimita 1.2 a kowace santimita, yumɓun Bt kuma kimanin milimita 1.5. Idan saiwar masara ta tsaya a santimita 35 saboda Bt ta toshe ko ta rasa iska, ruwan da take iya kaiwa gare shi milimita 42 ne. Shuka kan sha kusan rabin wannan cikin sauƙi kafin ta fara wahala, wato milimita 21, kuma idan tana buƙatar milimita 5 a rana, kwana huɗu ne ke nan. Idan kuwa Bt tana da tsagogi da ƙofofin da saiwa ke bi har zuwa santimita 90, an ƙara kimanin milimita 82, jimla ta kai kimanin 124, rabinta kuma ya isa kusan kwana 12. Wato shimfiɗar da manomi ba ya ganinta da ido ita ce ke yanke hukunci ko shuka za ta tsallake tsayawar ruwan sama na mako biyu ko kusa da haka, kuma ita ce ke faɗin tazarar da ta dace tsakanin ban ruwa da ban ruwa. A gonar da Bt ta toshe ruwa kaɗan-kaɗan akai-akai ya dace, tare da tada kunya domin saiwa ta samu iska; itatuwa masu zurfin saiwa kuwa ba za su ji daɗinta ba, ko da yake shinkafa na iya amfana da ruwan da ke kwanciya.

Shimfiɗar C da ta R ba sa ɗaukar mini lokaci sosai, sai dai in duba zurfin da suka fara. Dutse a santimita 40 ya riga ya iyakance komai, duk kyawun abin da ke samansa.

Akwai kuma abin da zane ba ya iya faɗa, kuma ina ganin ya kamata a riƙa gaya wa ɗalibi wannan tun da wuri. Zanen littafi yakan jera dukkan shimfiɗu shida da layuka miƙaƙƙu, alhali ƙasashe da yawa ba su da E, wasu ma A ce kawai a kan C. Zanen da aka yi daga rami na gaske kuma wuri ɗaya yake wakilta. A gona mai gangare, A takan yi siriri a tudu ta yi kauri a gindin gangaren, kuma idan aka ga jan yumɓu a fili a saman gona, sau da yawa B ce zaizaya ta tone. Haka nan zane ba ya bayyana tsamin ƙasa ko yawan sinadaran da ke cikinta, wannan sai an ɗebi samfuri daga kowace shimfiɗa daban an kai ɗakin gwaji. Shi ya sa idan na gama karanta zane nakan so a haƙa rami a gonar, in soka wuƙa a bangonsa daga sama zuwa ƙasa domin in ji inda ƙasa ta yi tauri, musamman daidai ƙarƙashin inda garma ke tsayawa, sannan in duba ko saiwoyi sun miƙe ƙasa ko sun karkata gefe a wannan zurfin.