Boris a hoto duk kamarsu ɗaya

Ina sayar da boris da bel na injuna a Panteka, nan Kaduna, kuma yanzu yawancin cinikina ta WhatsApp yake zuwa. Mai injin niƙa a Saminaka ko mai injin ban ruwa a Kachiya zai turo hoto ya ce, "Alhaji, irin wannan nake so." In ɗaure in ba direba a tasha. Idan kayan bai shiga ba, injin ya kwana biyu a tsaye, ga kuɗin mota zuwa da dawowa, sai a fara neman mai laifi. Sau da yawa hoton ne.

Abin da mutane ba su lura da shi ba, hoto ba ya nuna girma. Boris mai lamba 6203 raminsa milimita 17 ne, faɗinsa daga waje 40. Mai lamba 6208 raminsa 40, wajensa 80, wato ninki biyu. A hannu ko yaro ba zai haɗa su ba. Amma idan an cika fuskar waya da boris ɗin, ba komai a gefensa, sai ka rantse abu ɗaya ne. Lambar da aka zana a jikin ƙarfen ce kaɗai za ta raba gardama, ita kuwa ƙarama ce ƙwarai, kuma da zarar hoto ya yi dishi-dishi, 3 da 8 sun zama 'yan biyu.

Yankewa kuma tata ɓarnar daban. Wani bakanike ya turo mini hoto, lambar ta fito tsaf, 6203, sai dai gefen hoton ya cinye abin da ke bayanta. Na ce, "Malam, me aka rubuta bayan ukun?" Ya ce ai lambar ke nan, saura ado ne. Ba ado ba ne. Idan ZZ ne, marfin ƙarfe gare shi. Idan 2RS ne, marfin roba ne da ke tare ruwa da ƙura. Ka sa mai marfin ƙarfe inda ruwa ke fantsama ko garin masara ke tashi, zai shiga daidai, ya yi aiki, kafin a jima ya fara kuka. Wannan ya fi ciwo, don ba ranar ake gane kuskuren ba. Da ya sake ɗauka, 2RS ne. Haka nan lamba ta biyu: 6203 da 6303 raminsu ɗaya, duk za su hau sandar, amma wajen 6303 milimita 47 ne, ba zai zauna a gidan 40 ba.

To yaya ake ɗauka? A fara wanke boris ɗin da kananzir a goge, don giris na cike zanen. Idan lambar ta dushe, a goga alli a kai a share da yatsa, farin zai maƙale a cikin rubutun. A goge idon kyamara ma, wayar da ta yini a hannun bakanike ba ta rasa mai. Kada a kunna filasha, ƙarfe yana mayar da haske, wurin lambar ya zama fari fat. Inuwar bakin shago da rana ta fi, a ɗan karkata kayan har hasken ya zo ta gefe.

Babban kuskuren shi ne kusantowa. Mutum na ganin idan ya manna waya a jikin ƙarfe zai fi fita, alhali yawancin wayoyi ba sa iya tsayar da hoto idan an matso fiye da kima. A ja baya kamar taƙi ɗaya, a ajiye kayan a kan tebur maimakon riƙewa, a taɓa daidai lambar a fuskar waya, a jira ta washe sannan a danna.

Hoto uku nake nema: ɗaya na kayan gaba ɗaya da tef ɗin awo kwance a kansa, ɗaya na lambar daga farkonta har ƙarshe da ɗan fili a kowane gefe, ɗaya na bayansa, domin akwai mai marfi ta gefe guda kawai. Tef ɗin nan shi ke ceto idan tsatsa ta cinye lambar, tunda da rami da waje da kauri zan iya gano shi.

Wajen turowa, WhatsApp yana matse hoto, ƙananan rubutu ne ke fara tafiya. A danna HD, ko a turo shi ta Document. Kafin nan mai hoton ya buɗe shi ya ja da yatsu biyu, ya karanta lambar da kansa. In bai iya karantawa ba a tasa wayar, ni ma ba zan iya ba a tawa. Wanda kuma ya ɗauki hoton fuskar wayar wani ya turo, ba na ɗaure masa kaya sai ya je gaban injin ya sake ɗauka.