Layi ɗaya da ban karanta ba a takardar bashi

Farkon Fabrairun 2024 na ci bashin naira miliyan biyar a wani banki nan Sakkwato, don in sayi albasa a Goronyo in ajiye har ta yi tsada. Aka ce ruwa kashi 24 cikin ɗari ne a shekara. Na buga lissafi: dubu ɗari duk wata, uwar kuɗi sai ƙarshe. Na sa hannu ina murna.

Akwai wani layi a shafi na uku da ke cewa banki na iya sauya ruwan idan kasuwar kuɗi ta sauya. Wallahi idona ya bi ta kansa, na wuce.

Ƙarshen watan na Fabrairu kwamitin Babban Bankin Nijeriya ya zauna a Abuja, ya ɗaga ma'aunin ruwansa, wanda ake kira MPR, daga kashi 18.75 zuwa 22.75. A Maris ya koma 24.75, a Mayu 26.25. Na ji a rediyo, na ɗauka zancen manya ne. Sai ga saƙo a waya: ruwana ya koma kashi 30. Dubu ɗari da ashirin da biyar ke nan a wata, albasa kuwa tana rumbu, wata ma ta fara ruɓewa.

Na tafi banki raina a ɓace. Ma'aikacin ya zaunar da ni ya ce, "Alhaji, mu ma sayen kuɗi muke yi." Idan kuɗi ya yanke wa banki, wajen Babban Banki yake zuwa rance, kuma a kan wannan ma'aunin ake yanka masa farashi, har da ɗan ƙari. Sannan idan ma'aunin ya hau, takardun bashin gwamnati su ma ribarsu hawa take yi. To me zai sa banki ya ba ɗan albasa da arha, alhali gwamnati za ta biya shi da tsoka ba fargabar ruɓa? Da gangan ake yi, don bashi ya yi tsada, kuɗi su ragu a hannu, ko farashin kaya ya lafa. Na gane hikimar, amma daga aljihuna ta fita.

Ya juya takardar, ya ɗora yatsa a kan layin nan. Sa hannuna na ƙasa.

Abin da ya fi ci mini rai, kafin in ci bashin ƙanena ya ce in bi ta murabaha a bankin da ba ruwa, inda ake yanke riba tun farko ba ta motsi, ga kuma kuɓuta daga riba ta haram da mahaifinmu ke ta jan kunnenmu a kai. Na ce takardunsu da jinkiri.

Yanzu ko wa ya zo shawara, tambaya ɗaya nake cewa ya yi kafin ya ɗauki biro: ruwan nan tsayayye ne, ko yana bin na Babban Banki? Kuma a nuna masa amsar a rubuce. Ni dai a Agusta na sayar da rabin albasar, tun farashi bai kai inda nake jira ba, na rage bashin.