Taransifomar da ke zafi alhali ba ta cika ba

Shekarata ta biyu a aiki aka tura ni wani ginin ofisoshi a Kano, wai taransifomarsu tana zafi. Busasshiya ce marar mai, mai 500 kVA, tana sauke 11 kV zuwa 415 V, wato iyakarta kusan amfiya 696. Na auna na samu 640, na koma na ce wa maigidana ai da sauran wuri. Ya dube ni ya ce, "To ka auna nutural?" Ban auna ba.

Washegari na tarar da sama da amfiya 500 a nutural ɗin, wato wayar da wuta ke komawa ta cikinta, wadda na zaci kusan babu komai a cikinta. Ginin cike yake da kwamfutoci, UPS da fitilun LED. Irin waɗannan kaya ba sa jan wuta salin-alin, fizgarta suke yi, fizgar kuma ita ke haifar da hamonik, wato ƙarin wuta mai bugawa a ninkin 50 Hz na asalin wutar. Na uku, mai 150 Hz, ba ya soke juna tsakanin layuka ukun. Taruwa yake yi a nutural. Kowane layi na ɗauke da kusan amfiya 178 nasa, ka ninka sau uku ka gani.

Muka bar na'urar awo mako guda, don awon rana ɗaya ruɗi ne. A lokacin cunkoso, hamonik na uku ya kai kashi 30 cikin ɗari na asalin wutar, na biyar 25, na bakwai 12, THD, wato ma'aunin hamonik gaba ɗaya, kusan 41. Abin da ban gane ba a makaranta sai a nan shi ne, zafin da wutar kewaye ke haddasawa cikin naɗin waya yana ƙaruwa ne da lambar hamonik ninki kanta. Amfiya ɗaya na hamonik na biyar yana yin ɓarna ninki 25 na amfiya ɗaya na asalin wutar ta wannan fuskar. Da muka bi lissafin ƙa'idar IEEE C57.110, `FHL`, wato yawan ninkin da hamonik ke yi wa wannan zafin, ya fito 3.5. Takardar gwajin taransifomar ta ba da `PEC-R` 0.15, wato girman zafin wutar kewaye idan aka kwatanta da zafin da waya ke yi ta al'ada a cikakken kaya.

```
Imax = sqrt(1.15 / (1 + 3.5*0.15)) = 0.87
```

Ashe iyakarta ta gaskiya kashi 87 cikin ɗari ce na 696, wato amfiya 604 ko kusa. Mun wuce ta tuni.

Nan na so in sake yin wani kuskuren. Na ba da shawarar a sa wa kafasitocinsu masu 200 kvar riyakta, wato naɗin waya mai kare su daga hamonik, mai kashi 7, tunda ita kowa ke sawa. Ita tana daidaita su ne a 189 Hz, sama da 150, don haka tana iya ƙara hura na ukun. Inda na uku ya yi yawa, mai kashi 14 ake so, wadda ke sauka zuwa 134 Hz. Ita ma kafasito kawai take karewa, ba ta rage wa nutural kaya.

Na'urar tace hamonik mai aiki da lantarki, ta waya huɗu, ita ce maganin, amma kuɗinta ya sa masu ginin jan ƙafa. Kafin ta iso muka mayar da hawa ɗaya kan wata taransifomar, muka saita kariya a amfiya 600.