Masu yi maka tafi a LinkedIn ba su ne masu biyanka ba

Da na ajiye aikin akanta a wani kamfanin casar shinkafa na koma ba kamfanoni shawara a ƙashin kaina, na ɗauka LinkedIn kamar dandali ne: wanda ya fi tara jama'a shi zai fi ciniki. Shekara guda cur na yi ina wannan wahala. Mutanen da na haɗu da su sun haura dubu uku, kowace safiya ina da rubutu, ana ta yaba mini, amma ko sisi bai shigo aljihuna ta wannan hanya ba. Kuɗin sallamar da na fito da shi ne ya riƙa cika tukunya har ya kusa ƙarewa. Ƙannena da ke shirin shiga wannan sana'a, ga inda na yi tuntuɓe.

Na fara ɓata lamarin tun daga layin da ke ƙarƙashin sunana, wanda ake kira Headline. Abin da na rubuta shi ne `Consultant | Trainer | Speaker | Entrepreneur`, ga kuma koren zoben nan na Open to Work zagaye da hotona. Wannan layi yana bin mutum duk inda ya je a dandalin: idan ka yi sharhi ana ganinsa, idan ka nemi haɗuwa da wani shi zai fara karantawa. Nawa bai faɗi ciwon da nake magani ba, zoben kuwa cewa yake yi ga mai neman aikin albashi. Babu manajan da zai damƙa littattafan kamfaninsa ga wanda ya ga alamar gobe zai karɓi aiki a wani wuri. An ba ka haruffa 220 a wurin, amma a waya na farkon kaɗai ke fitowa, saboda haka abin da ya fi muhimmanci shi ake sawa gaba. Da hankali ya zo mini, na cire zoben, na rubuta da Turanci abin da ma'anarsa ita ce: ina taimaka wa masu casar shinkafa su gano inda kaya ke zurarewa tsakanin sikeli da sito. Wani abokina ya ce na ƙuntata wa kaina. Gaskiya ne, kuma ƙuntatawar ce ta fara kawo mini kira.

Babban kuskuren dai shi ne ban taɓa zama na tambayi kaina wa nake yi wa rubutu ba. Ranar da na buɗe jerin waɗanda suka yaba wa rubutuna na wata guda, na bi su ɗaya bayan ɗaya, jikina ya yi sanyi. Ɗalibai ne, da masu yi wa ƙasa hidima, da 'yan'uwana masu ba da shawara waɗanda su ma ciniki suke nema. Mai gishiri ne ke yi wa mai gishiri talla. Laifina ne, domin abin da nake rubutawa, irin su sirrin nasara da muhimmancin tashi da wuri, su yake burgewa. Manajan da tirela uku ke jiransa a bakin ƙofa ba shi da lokacin wannan.

Ciniki tsakanin kamfani da kamfani ba ya kama da sayar da turare ko atamfa. Masu sayen ba su da yawa, kuɗin yana da nauyi, kuma ba mutum ɗaya ke yanke hukunci ba. Sai na ɗauki takarda na rubuta sunayen kamfanonin casar shinkafa arba'in da zan iya kai wa da motata, daga Sharaɗa da Challawa da Bompai zuwa waɗanda ke kan hanyar Haɗeja da ta Zariya. A kowane kamfani mutum uku nake nema: wanda matsalar ke hana shi barci, yawanci manajan ayyuka ko mai kula da sito, wanda ke ganin ta a lissafi, wato akanta ko manajan kuɗi, sai wanda zai sa hannu a fitar da kuɗin. Na ukun nan, a wajenmu, sau da yawa Alhaji ne mai kamfanin, kuma ba ya LinkedIn. Ko yana da shafi, wani yaro ne ya buɗe masa, ba ya leƙawa. Amma ɗansa da ya dawo daga karatu aka ba shi kujerar darakta yana nan, akantansa ma yana nan. Su ne ƙofar, ta hannunsu ake isa falon Alhaji. Don nemo su, abin da nake bugawa a wurin bincike bai wuce wannan ba, sannan in tace da wuri da sunan kamfani:

```
("finance manager" OR "operations manager") AND rice
```

Na taɓa biyan kuɗin Sales Navigator, wato tsarin LinkedIn na kuɗi don neman masu saye, na 'yan watanni kafin in yi wannan jeri, ina zaton shi zai kawo mini ciniki. Kayan aiki ne mai kyau ga wanda ke bin ɗaruruwan kamfanoni. Ga mai bin arba'in, takarda da biro sun wadatar.

Yadda nake shiga wa mutane ma abin kunya ne idan na tuna. Da zarar mutum ya amsa gayyatata, kafin minti biyar na auna masa saƙo mai sakin layi huɗu, da jerin ayyukana, da roƙon ya ba ni rabin sa'a. Ko a Kantin Kwari ba a yin haka. Ana gaisawa, a tambayi gida da kasuwa, kafin a buɗe dila. Ga shi kuma ina tura gayyata ga duk wanda na gani. Dandalin yana da iyaka, wajen gayyata ɗari a mako, kuma idan mutane da dama suka nuna ba su san ka ba, ana iya taƙaita maka tura gayyatar. Ni ma sai da aka ja mini birki. Alamar da ya kamata in lura da ita tun da wuri ita ce tarin gayyatun da suka yi watanni ba a amsa ba. Na janye su, na kuma koyi cewa wanda ka janye wa gayyata ba za ka iya sake tura masa ba sai bayan kusan mako uku.

Yanzu kafin in nemi haɗuwa da mutum, sai na yi mako biyu ko uku ina bibiyar abin da shi ko kamfaninsa ke sakawa. Idan sun sanar da sabon injin busarwa, sharhina ba zai tsaya a fatan alheri ba, zan tambayi tan nawa yake ɗauka a zubi ɗaya. In na zo tura gayyata, layi biyu ne: inda na ga maganarsa da dalilin da ya sa nake son mu san juna. Babu talla a ciki.

Rubutun da ya fara kawo mini aiki, mutum goma sha ɗaya ne kacal suka yaba masa. Lissafi ne na wata tirela. Na ce a ɗauka ka sayi shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, tan 30 a lokacin kaka, danshinta kashi 20 cikin ɗari. Kafin a adana ta ko a casa ta sai an busar da ita zuwa wajen kashi 14. Ainihin ƙwayar da ke cikin tan 30 ɗin, ban da ruwa, tan 24 ce. Idan aka busar zuwa kashi 14, sai ka raba 24 da 0.86, ka sami kusan tan 27.9. Wato tan biyu da ɗoriya sun bi iska, babu wanda ya saci ko tiya ɗaya. Idan littafinka ya rubuta tan 30 a bakin ƙofa kuma ba a rubuta danshin ba, ƙarshen wata za a ga giɓi, a kama mai sito da zargi. Mafi muni, ɓarawon gaske yana iya fakewa a bayan wannan giɓi, tunda ba wanda ya san nawa ne rabon rana, nawa ne rabon hannu. Na rufe da tambaya: a kamfaninku, wa ke rubuta danshi a takardar sikeli?

Bayan kwana tara wani manajan kuɗi ya turo mini saƙo. Bai taɓa yaba wa rubutuna ba, bai taɓa yin sharhi ba, amma ya ce ya daɗe yana karantawa. Mai irin wannan matsala ba zai fito bainar jama'a ya ce haka ake yi a wurinsu ba, alhali maigidansa da abokan gasarsa suna gani. Tun daga ranar na daina ƙirga masu yabo. Abin da nake dubawa shi ne su wa suka leƙa shafina bayan rubutu, wane muƙami suke riƙe da shi, da kuma mutum nawa daga kamfanonin jerina na yi magana da su a wannan wata.

A nan ma sai da na sake yin wauta. Don zumuɗi, na je na kwana biyu a kamfanin ina duba takardun sikeli da na sito kyauta, na rubuta musu rahoto mai shafi shida da duk matakan gyara, ina jiran kwangila. Suka yi godiya sosai, suka ba akantansu rahoton ya aiwatar. Ban ga laifinsu ba, ni na kai kaya kasuwa ban sa musu farashi ba. Abin da ke kyauta yanzu shi ne rubutun da nake sakawa da hirar minti ashirin ta waya, inda nake tambaya fiye da yadda nake bayani: tirela nawa kuke karɓa a mako, wa ke auna danshi, yaushe aka yi ƙirgar sito ta ƙarshe. Idan za a buɗe mini littafi, wannan aiki ne mai kuɗinsa, ƙarami, na kwana uku, da takardar yarjejeniya da rabin kuɗi kafin alƙalami. Ƙaramin aikin yana da sauƙin amincewa, domin manaja na iya shigar da shi gaban Alhaji ba tare da dogon taro ba.

Kada kuma a zauna a cikin akwatin saƙon LinkedIn ana ta rubuce-rubuce. Da yawa daga manajojin nan sai su yi mako ba su buɗe shi ba. Da zarar magana ta yi musaya biyu ko uku, ina neman izinin kira ko lambar WhatsApp, daga nan sai ziyara. Wani darakta matashi ya ce mini, "Malam, Baba ba zai karanta wannan ba, sai dai ka zo bayan la'asar ku gaisa." Na je, muka yi kusan sa'a guda ana hirar farashin shanshera da wahalar dizal, ba a ambaci aikina ba sai da na miƙe zan tafi. Tsakanin gaisuwarmu ta farko da ɗansa a dandalin da ranar da kuɗi ya shiga asusuna, wata huɗu ne. Wanda zai bar albashi ya shiga wannan sana'a, ya lissafa cefanen waɗannan watanni tukuna.

Da aikin ya kammala, na roƙi daraktan ya rubuta mini shaida a sashen Recommendations, na kuma nemi izininsa in ba da labarin aikin ba tare da suna ko adadin kuɗi ba. Ya yarda da na farko, ya ce na biyun sai ya tambayi Baba. Baba ya ce a'a, don haka labarin bai taɓa hawa shafina ba. Shaidar ce kawai ke nan, layi huɗu, kuma ita manajan kamfani na gaba ya ce ya karanta kafin ya ɗaga waya.