Hausa ko Turanci: Yadda Muke Rubuta wa Wanda Muke Neman Cinikinsa

Aikinmu buga sitika ne, da lambar kaya, da littafin rasit, kuma yawancin cinikin da ke shigowa irin wannan sana'a daga rubutu yake farawa: saƙon WhatsApp, ko tes, ko takardar da aka kai ofis. Kafin mu rubuta kalma ɗaya ga kamfanin da bai san mu ba, abin da muke tambayar kanmu shi ne hannu nawa rubutun zai bi, kuma me kowane hannu zai yi da shi. Amsar ita ke zaɓa mana harshe.

A ce akwai kamfanin tatsar man gyaɗa a Sharaɗa, a Kano, muna so mu riƙa buga musu sitikar jarka. Mutum uku ne za su taɓa maganar. Akwai Alhaji mai kamfanin, wanda shi ne zai ce a yi ko a bari, kuma harkarsa ta yau da kullum da Hausa yake yin ta. Akwai manaja, wanda zai duba girman sitika da ranar kawowa. Sai akanta, wanda zai saka takardar a fayil ya biya ta banki. Wanda ya tura wa mutanen nan uku rubutu iri ɗaya ya yi asarar biyu daga cikinsu. In doguwar wasiƙar Turanci ce, Alhaji zai miƙa wa yaro ya ce a duba, daga nan ta kwanta. In kuwa komai da Hausa ne har lissafi, akanta ba shi da abin da zai nuna wa mai binciken kuɗi ko banki, dole ya sake neman wata takardar.

Saƙon farko dai na mai kamfanin ne, da Hausa, kuma gajere. Ga irin wanda muke rubutawa:

"Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Da fatan an tashi lafiya, ya kasuwa? Mu masu buga sitikar kaya ne a nan Kano. Mun ga jarkarku ta lita biyar, kuma muna da irin takardar da mai ba ya ɓata ta, ba ta kuma ɓallewa in jarka ta sha rana. In kun ba da izini za mu kawo samfur ku gwada a kan jarka ɗaya, ba sai kun biya komai ba. Allah ya ƙara buɗi."

Babu farashi a ciki, da gangan. Gaisuwar layi ɗaya ce: in babu ita sam saƙon ya zama rashin ladabi, in ta kai layi huɗu ya yi kama da na mai neman taimako. Kuma da "ku" muka yi magana. Turanci kalma ɗaya gare shi ga namiji da mace, babba da yaro, ita kuwa Hausa dole ka zaɓa tsakanin kai, ke da ku. Lambar wayar da aka samo a jikin kwali ba ta faɗa maka ko Alhaji ne ko Hajiya ke riƙe da ita. In ba a tabbatar ba, a cire "ranka ya daɗe", a tsaya a kan "ku" daga farko har ƙarshe, domin ya yi wa kowa daidai kuma girmamawa ne.

Nan ne masu aikin araha ke ɓata sana'ar. Su ɗauko wasiƙar Turanci da wani ya rubuta, su bi ta kalma bayan kalma, sai a ga an buɗe saƙo da "Masoyi Yallaɓai", an rufe da "naka mai aminci". Babu ɗan kasuwar da ke wa ɗan uwansa magana haka. Mai karatu zai gane ba shi aka nufa ba, tarin lambobi aka aika wa. Hausar da aka juyo haka ta fi Turanci mai tsabta illa, domin ta nuna ba a damu ba. Wanda bai iya rubuta Hausar kasuwa ba, gara ya rubuta Turanci mai sauƙi, ko ya ɗauki waya ya yi magana.

Saƙon murya ma yana da wurinsa. Akwai manyan 'yan kasuwa a Dawanau da Kantin Kwari da ke juya dukiya mai yawa, amma karatun boko, ko da na Hausa ne, ba shi ne hanyarsu ba; wasu sun fi sakewa da ajami. Alamar ita ce ka tura rubutu a amsa maka da murya. Da zarar haka ta faru, a koma murya, kada ta wuce minti ɗaya, sannan a bi ta da rubutaccen adadi da kuɗi, saboda murya ba ta zama shaida mai sauƙin dubawa ranar da aka samu saɓani.

To, an karɓi samfur, an ce a kawo farashi. Takardar farashi da Turanci muke yin ta, a kan takarda mai ɗauke da sunan kamfani kamar yadda yake a rajistar CAC, hukumar yi wa kamfanoni rajista, da lambar asusu mai sunan kamfanin. A ce sitika 10,000 ne, faɗi santimita 10, tsawo 15, kala huɗu, mai sheƙi. In kowace ₦45 ce, jimla ₦450,000. Kafin alƙalami kashi 70 cikin ɗari, wato ₦315,000, ciko ₦135,000 ranar da aka kawo kaya. Duk wannan yana cikin takardar Turancin, a tura ta a matsayin PDF don kada wani ya taɓa alƙaluman. Amma ba ta tafiya ita kaɗai. A ƙarƙashinta akwai layi uku na Hausa zuwa ga mai kamfanin: adadi kaza, kuɗi kaza, kafin alƙalami kaza, za a kawo ranar kaza. Alƙaluman da ke cikin Hausar su zama su ne na cikin Turancin, a duba su sau biyu kafin a danna. In suka bambanta ko da sifiri ɗaya, mai saye zai riƙe wanda ya fi masa sauƙi, kuma yana da gaskiya.

Akwai wani dalili na sa farashi a takardar Turanci, kuma duk mai sana'a ya san shi. Farashin da aka faɗa cikin hira da Hausa ana ɗaukarsa a matsayin buɗe ciniki. Ka ce arba'in da biyar, a ce maka talatin, ka ce albarka, a ce to nawa ne gaskiya, a kawo maka labarin wani a bayan layi da ke yi a ashirin da biyar. Wancan kuwa takarda ce mara rufi, wadda mai zai jiƙa ta cikin sati biyu tawada ta zube. Farashin da ke kan takarda mai hatimi, da bayanin irin kayan da za a yi aikin da su, ya fi tsayawa. In za a yi ragi, a yi shi da baki cikin mutunci, sannan a fitar da sabuwar takarda.

Ranar kawo kaya ma a rubuta ta da lamba. "Jibi", "sati mai zuwa", "bayan Sallah" duk maganganun baki ne, kowa da yadda yake lissafa su. "Kwana bakwai na aiki" ma yana kawo rigima, domin ofis ba ya ƙirga Asabar, ɗan kasuwa kuwa yana ƙirgawa. A rubuta ranar mako da kwanan wata, shi ke nan.

Gauraya harsunan biyu kuwa, ƙa'idarmu ita ce a gauraya ta ɓangare, kada a gauraya cikin jimla. Gaisuwa da bayani da Hausa, takardar lissafi da Turanci, kowanne cikakke. Kalmomin da suka riga suka zauna a kasuwa, irin su rasit, sitika, katan, oda, manaja, Hausa ne yanzu, a rubuta su yadda ake faɗa. Ƙirƙiro musu wata doguwar fassara rikita mai karatu kawai yake yi. Abin da ba ya kyau shi ne jimlar da rabinta Hausa rabinta Turanci, irin ta hirar abokai. Ga dattijo raini ne, ga akanta kuma rashin tsari.

Shi rubutun da zai hau jikin sitikar daban ne. Ƙa'idar NAFDAC ita ce bayanin da ke jikin kayan abinci ya kasance da Turanci, ana iya ƙara wani harshe a kai. Saboda haka in mai kamfani ya ce a yi masa da Hausa zalla don mutanen karkara, muna gaya masa tun kafin a fara zane: Hausar ƙari ce, Turancin ba ya fita.

Wanda zai rubuta Hausa kuma ya kula da haruffa masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ. A WhatsApp babu matsala, allon rubutu na Gboard yana da Hausa. A tes ne ake shan mamaki. Saƙo ɗaya yana ɗaukar harafi 160, amma da zarar ƙ ɗaya ta shiga, ko alamar ₦, sai ya koma 70, saƙon da aka yi wa lissafin shafi ɗaya ya zama uku, kuɗin turawa ya ninka sau uku. A tes kaɗai muke ajiye lanƙwasar, mu rubuta N a madadin alamar naira, mu kauce wa kalmar da za ta rikita ma'ana. A takardar da za a buga kuwa ba ma yarda. Wasu nau'o'in haruffa na kwamfuta ba su da ƙ da ɗ, sai su fito da ɗan akwati, ko harafin ya fito da siffa daban da sauran. Ana gane wannan ne in an buga gwaji ɗaya a takarda aka karanta shi da ido, layi bayan layi. Masu arahar nan ba sa yi, shi ya sa ake ganin allunan talla da rami a tsakiyar kalma.

Ba kowa ne a Arewa ake fara wa da Hausa ba. Mai shago a Sabon Gari yana iya jin Hausa sarai a baki amma bai saba karanta ta ba. Asibiti, makaranta mai zaman kanta, banki da ma'aikatar gwamnati, wasiƙarsu ta farko da Turanci ce, domin za a buga mata hatimin karɓa a saka a fayil. Hausar sai an haɗu ido da ido. A Jos ko Kaduna kada a yi hukunci da suna kawai. In ana shakka, a buɗe da "barka da aiki", wadda ta dace da Musulmi da Kirista, a ci gaba da Turanci mai sauƙi, a jira amsa. Harshen da mutum ya amsa da shi, shi za a riƙe daga nan.

In mai sayen daga Maraɗi ko Damagaram yake, Turanci ba shi da amfani, domin bokonsu Faransanci ne, Hausa ce kaɗai ta haɗa ku. Sai dai a can da dala ake ƙirga sefa a baki, dala ɗaya sefa biyar, don haka "ɗari" a bakinsa sefa 500 ce. Duk kuɗin da za a rubuta masa a sa shi da lamba, a kuma rubuta naira ne ko sefa a gefensa.